Saniyar Ware a Cikin Alƙaluma: Yaushe Ya Halatta a Jefar da Sakamakon Gwaji?

A jikin buhun takin yuriya akan rubuta lamba 46. Ma'anarta ita ce kashi 46 cikin ɗari na abin da ke ciki naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. A buhu mai kilo 50, kilo 23 ke nan. Manomi ba shi da hanyar tabbatar da wannan da idonsa, don haka akan ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji.

A can ba a auna abu sau ɗaya a ce an gama. Sai a niƙe samfurin, a gauraya shi sosai, a raba shi kashi-kashi, a auna kowane kaso daban tun daga farko har ƙarshe. Bari mu ɗauki misali da lambobin da na tsara don wannan bayani. Ma'aikaciya ta auna kaso shida, ga abin da ta samu: 45.8, 46.0, 46.1, 45.9, 46.2, sai kuma 44.8.

Ko yaro ya duba zai ga biyar sun taru wuri guda, ɗaya ya koma gefe kamar saniyar ware. In ta haɗa da shi, matsakaicin ya zama 45.8, takin ya gaza abin da aka rubuta a buhu. In ta cire shi, matsakaicin ya zama 46.0 cif, takin ya cika. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai ɗan kasuwar da za a iya mayar masa da tirelar kaya, akwai kuma manoman da za a iya sayar musu da abin da bai kai ba. Ita kuwa ma'aikaciyar, zuciyarta ta riga ta san amsar da ta fi daɗi, kuma a nan haɗarin yake. Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne ganin ɗalibi ya sa abin goge rubutu ya share lamba, in an tambaye shi ya ce ai ba ta yi kama da sauran ba. Rashin kama ba hujja ba ne. Akwai hanyar da ake bi a auna rashin kamar, kuma ba ta fi ƙarfin mai kalkuleta ba.

Kafin a taɓa lissafi, littafin aiki ake fara buɗewa. Tsohuwar hanyar auna naitirojin, wadda Johan Kjeldahl ya fito da ita a Denmark a 1883, matakai uku gare ta: a dafa samfurin cikin asid mai ƙarfi har ya narke, a zuba masa soda domin naitirojin ya tashi a matsayin iskar amoniya a tare shi cikin wani ruwa, sannan a riƙa ɗiga asid ɗin da aka san ƙarfinsa har launin ruwan ya juya. A kowane mataki ana iya yin asara. In mahaɗar bututun ba ta kama da kyau ba, amoniya za ta sulale ta bi iska. In bakin bututun bai nutse cikin ruwan tarewa ba, haka. In dahuwar ba ta kammala ba, ko ɗan abu ya fantsama, sakamako zai sauko. To idan ma'aikaciyar ta duba ta ga ta rubuta tun a lokacin cewa kwalba ta shida ta yi tsartuwa, magana ta ƙare: a ajiye wannan sakamako, a rubuta dalili, a sake auna wani kaso. Babu buƙatar wani gwajin lissafi. Haka nan in kuskuren rubutu ne, kamar an kwafi 45.8 ya koma 44.8.

Matsalar tana tasowa ne idan an duba ba a ga komai ba.

A nan ake ɗauko ma'aunin warwatsuwa, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira es-di, a rubuce kuma ake sa masa harafin s. Aikinsa shi ne ya faɗa mana, a lamba guda, yadda awon ya saba kaucewa daga matsakaici. Ko da hannu ya ƙware, awo biyu ba sa zuwa daidai wa daida, kamar yadda mai awon hatsi ba zai cika mudu biyu ƙwaya ta zo ɗaya ba. Wannan ɗan saɓani na yau da kullum shi ake son a san girmansa, domin da shi za a gwada nisan da lambar da ake zargi ta yi.

Ga yadda ake fitar da shi. Matsakaicin lambobi shidan nan 45.8 ne. Sai a duba nisan kowace daga gare shi: 0, 0.2, 0.3, 0.1, 0.4, sai ta ƙarshe da ta yi ƙasa da 1.0. A ninka kowane nisa da kansa, domin na sama da na ƙasa kada su cinye juna: 0, 0.04, 0.09, 0.01, 0.16 da 1.00. Jimillarsu 1.30. A raba da biyar, wato adadin awon a cire ɗaya, a samu 0.26. Daga nan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 0.26, ta hanyar danna alamar √ a kalkuleta. Amsar ita ce 0.51. Wanda ke aiki da kwamfuta, in ya jera lambobin a Excel daga A1 zuwa A6, layi biyu sun ishe shi:

```
=AVERAGE(A1:A6)
=STDEV.S(A1:A6)
```

A lura da wancan S na ƙarshe. Akwai ɗan'uwansa STDEV.P da ke rabawa da shida maimakon biyar, kuma zai ba da lamba ƙarama da za ta sa a yi saurin yanke hukunci. A kalkuleta ma maɓallan biyu ne, wanda ake so shi ne mai alamar sx.

Yanzu a sake duban jimillar nan ta 1.30. Daga cikinta, 1.00 daga lambar da ake zargi kaɗai ya fito. Wato ita da kanta ta kumbura ma'aunin da za a auna ta da shi. In aka cire ta aka lissafa na sauran biyar, ma'aunin warwatsuwar bai wuce 0.16 ba. Wanda ake tuhuma ya shiga cikin masu yanke hukunci, kuma muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Wannan ne ya sa wata ƙa'ida da ta yaɗu a bakin ɗalibai ba ta da amfani a irin wannan wuri. Ƙa'idar tana cewa duk lambar da ta yi nisan da ya kai ninki uku na ma'aunin warwatsuwa, a jefar da ita. A kan dubban awo tana da ma'ana. A kan awo shida kuwa ba za ta taɓa kama komai ba, ko da lambar ta ƙarshe 4.8 ce maimakon 44.8. Dalili shi ne duk yadda lambar ta ƙara nisa, haka ma'aunin ke ƙara kumbura tare da ita, har akwai rufin da rabon ba zai iya wucewa ba. Ga awo shida rufin 2.04 ne. Ga awo biyar 1.79 ne, don haka ko ƙa'idar ninki biyu ba za ta yi aiki a kansu ba. Sai awo ya kai goma sha ɗaya kafin lamba guda ta iya taɓa ninki uku. Mutum zai iya shekara yana amfani da wannan ƙa'ida, yana murna bai taɓa samun matsala ba, alhali tarkon nasa ne ba ya kamu.

Wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, Frank Grubbs, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken makamai ta sojan Amurka da ke Aberdeen a jihar Maryland, ya wallafa maganin wannan a 1950. Rabon da ake lissafawa bai canza ba: nisan lambar da ake zargi daga matsakaici, a raba da ma'aunin warwatsuwa, tare da ita a cikin lissafin duka biyun.

```
G = |x − x̄| / s
```

Abin da ya canza shi ne iyakar da ake gwada amsar da ita. Maimakon a ce biyu ko uku ga kowa, akwai jadawali da ke ba da iyaka daban ga kowane adadin awo. A misalinmu, 1.0 a raba da 0.51 ya ba da 1.96. Iyakar jadawali ga awo shida, a matakin tabbaci na kashi 95 cikin ɗari, ita ce 1.887. Lambarmu ta haura. Gwajin ya ce 44.8 bare ce a cikin waɗannan.

Ya kamata a tsaya a fahimci abin da wannan kashi 95 ke nufi, domin a nan mutane da yawa ke zarce gona da iri. Ba yana nufin an tabbatar da kashi 95 cewa an yi kuskure a kwalba ta shida ba. Ma'anarsa ita ce: da za a yi ta auna samfuri mai kyau sau shida-shida, ba tare da wani kuskure ba sai ɗan saɓanin nan na yau da kullum, to a cikin kowane zagaye ɗari, kusan biyar ne kawai za su fitar da lamba mai nisa haka. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa. Ɗakin gwajin da ke auna samfuri ɗari a wata, in yana jefar da duk abin da ya haura wannan iyaka, yana zubar da sakamako na gaskiya kamar sau biyar a kowane wata.

Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 5725, wadda ake amfani da ita wajen kwatanta sakamakon ɗakunan gwaji, ta kafa iyaka biyu. Abin da ya haura iyakar kashi 99 shi ake ɗauka bare sosai. Abin da ya faɗa tsakanin ta 95 da ta 99 ana sa masa alama ne, a bar shi a cikin lissafi in ba a gano dalili ba. Ga awo shida iyakar ta biyu 1.973 ce. Namu 1.96 ya tsaya a tsakani. Ke nan hukunci ya dogara da iyakar da aka zaɓa, kuma in aka bari sai an ga lambobi kafin a zaɓa, son rai ne zai zaɓa. Dole ɗakin gwaji ya rubuta a cikin tsarin aikinsa, tun kafin samfuri ya shigo, wane gwaji zai yi kuma a wane mataki. Akwai ma wani ƙaramin rami a nan: wasu littattafai suna ba da 1.822 ga awo shida maimakon 1.887. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Ta farkon ta wanda ya ƙudurta tun farko cewa gefe ɗaya kawai zai duba ce, sama ko ƙasa. Wanda ya ga lambobi tukuna sannan ya nuna wadda ta fi nisa, ta biyun ce tasa.

Da a ce lambar ta shida 45.3 ce fa? Ido zai ci gaba da ganin ta a ware, tunda rabin maki ne tsakaninta da maƙwabciyarta. Amma matsakaici zai zama 45.88, ma'aunin warwatsuwa 0.32, rabon kuma 1.83. Bai kai 1.887 ba. Sai a bar ta, a ba da rahoton 45.9, ko da rai bai so ba. A ganina wannan ne babban amfanin gwajin: ya fi yawan hana mutum jefarwa fiye da ba shi izini.

Akwai wata hanya mafi sauƙi da Dean da Dixon suka gabatar wa masu ilimin sinadarai a 1951, lokacin da lissafin ma'aunin warwatsuwa da hannu aiki ne mai cin lokaci. A jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki tazarar da ke tsakanin wadda ake zargi da ta kusa da ita, a raba da tazarar da ke tsakanin ƙarama da babba. A nan 1.0 a raba da 1.4, an samu 0.71. Iyakar awo shida a kashi 95 ita ce 0.625, a kashi 99 kuma 0.740. Amsa ɗaya suka bayar da ta Grubbs. Abin da bai halatta ba shi ne a gwada wannan, in bai ba da abin da ake so ba a koma wancan.

Duka hanyoyin biyu suna da makanta iri ɗaya. A ce kwalabe biyu ne suka yi tsartuwa, sakamakon ya zama 45.9, 46.0, 46.1, 46.2, 44.8 da 44.9. Matsakaici ya sauko zuwa 45.65, ma'aunin warwatsuwa ya hau 0.63, rabon Grubbs ya faɗo 1.35. Na Dixon ma ya fi muni, 0.07, domin ta kusa da wadda ake zargi abokiyar tafiyarta ce. Gwaji zai ce lafiya lau, alhali aikin ya fi na farko lalacewa. Biyun sun rufa wa juna asiri. Abin da zai tona su shi ne sanin hannunka: in ka san wannan hanya ta saba ba ka warwatsuwar da ba ta wuce 0.2 ba, yau kuma ka ga 0.63, ba ka buƙatar jadawali ya gaya maka a sake aikin gaba ɗaya. Ɗiga lambobin a kan layi a takarda ma yana nuna rukuni biyu nan take.

Kuskuren da ke kishiyar wannan shi ne a cire ɗaya, a sake gwajin a kan sauran, a cire wata, a sake. Duk cirewa tana matse ma'aunin warwatsuwa, sai lambar da ba ta da laifi ta koma kamar mai nisa. A ƙaramin rukuni irin wannan, sau ɗaya ake yi.

Awo uku kuwa, wanda shi ne abin da yawancin ɗalibai ke yi a makaranta, kusan babu abin da gwajin zai iya faɗa a kansa. Ɗauki 46.0, 46.0 da 45.9. Rabon Dixon zai ba da 1.0, ya haura iyakar 0.970, ya ce a jefar da 45.9, lambar da bambancinta da sauran bai wuce abin da na'urar ke iya rarrabewa ba. Biyun farko sun zo ɗaya ne bisa dace. Wanda ke da awo uku kuma ɗaya ya dame shi, abin da ya fi masa shi ne ya ƙara auna uku.

Sai babban sharaɗin da komai ya rataya a kansa. Jadawalin Grubbs da na Dixon an gina su ne a kan zaton cewa abu guda ake aunawa, kuma saɓanin yana taruwa kamar tsibin hatsi a masussuka, tudu a tsakiya, yana sauka daidai ta kowane gefe. Kaso shidan da muka yi magana a kansu daga kwano ɗaya suka fito, bayan niƙa da gaurayawa. Da a ce daga buhu shida daban-daban aka ɗebo su, labarin ya sauya gaba ɗaya. Sannan 44.8 ba alamar kuskuren awo ba ce, mai yiwuwa buhu na shida ne ya sha danshi ko aka yi masa algus, kuma shi ne ainihin abin da aka zo nema. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a cikin jagorar da ta fitar a 2006 kan sakamakon da ya saɓa wa ƙa'ida, ta bayyana cewa ba a amfani da irin wannan gwaji inda bambancin da ke cikin kayan shi ake aunawa, kamar duba ko kowace ƙwayar magani tana ɗauke da adadin da ya dace. Ƙwayar da ta gaza, majiyyaci ne zai haɗiye ta.

Mu ma muna da abin tunawa a gida. A 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, sanadin shi ne niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ƙasar tsakar gidan da aka yi niƙa a cikinsa za ta nuna dalma fiye da ta maƙwabta nesa ba kusa ba. Wanda ya jera sakamakon gidaje goma ya sa musu gwajin Grubbs ya share mafi girma, ya share gidan da ya fi buƙatar a kwashe ƙasarsa.

Mu koma ga ma'aikaciyarmu. Ta duba littafi ba ta ga dalili ba, tsarin ɗakin gwajinsu ya ce Grubbs a kashi 95, lambar kuma ta haura. Tana da damar ware ta daga matsakaici, amma ba ta da damar ɓatar da ita. A littafin za ta ja layi ɗaya siriri a kan 44.8 yadda za a iya karanta ta, ta sa hannu da kwanan wata, ta rubuta a gefe cewa rabon 1.96 ne, iyaka 1.887. A rahoto za ta ce an yi awo shida, an ware ɗaya, matsakaicin biyar 46.0 da warwatsuwa 0.16, in an haɗa duka kuma 45.8 da 0.51. Tana iya ƙarawa da lambar tsakiya, wadda ake samu in an jera su aka ɗauki ta tsakiyar layi: 45.95 in da ita, 46.0 in babu ita, domin wannan ma'auni bai cika damuwa da lamba guda mai nisa ba. Tunda kuma hukuncin karɓar kaya ko mayar da su ya rataya a kan wannan ɗan bambanci, kuma akwai sauran garin samfurin a kwalba, za ta nemi izinin shugaban sashe ta sake auna wasu kaso, adadin da tsarin ya ƙayyade tun farko, ba ta yi ta aunawa har sai ta samu abin da ke faranta rai ba.

Sannan ta lura da wace na'urar tace amoniya ce ta yi amfani da ita a kwalba ta shida. In a cikin wata guda lambobi uku ko huɗu suka ware, dukkansu ta ƙasa, dukkansu daga wannan na'ura, to sai a kwance mahaɗar bututunta a duba robar.